Lissafin bulo, siminti da yashi na gida mai ɗaki uku da falo, da yadda ake sa rarar asara

Tambayar da mai shirin gini ya fi yi wa magini ita ce bulo nawa da buhun siminti nawa gida mai ɗaki uku zai ci, kuma amsar da ya fi samu ita ce wani adadi da maginin ya riƙe a ka daga aikin da ya yi a baya. Matsalar wannan amsa ita ce yawan ɗakuna ba shi ne yake cin bulo ba, tsawon bango ne yake ci. Gidaje biyu za su iya zama masu ɗaki uku-uku, amma ɗaya yana da banɗaki a kowane ɗaki da sito da doguwar baranda, ɗayan kuwa banɗaki ɗaya ne tal, sai a tarar da tazarar ɗaruruwan bulo a tsakaninsu. Saboda haka lissafin da za a dogara da shi daga zanen gidan yake farawa, da abin awo a hannu.

Gidan da za mu yi aiki a kansa gini ne na ƙasa, ba bene ba, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10, irin wanda yake zama lafiya a fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Yana da falo, ɗakunan kwana uku, banɗaki uku, kicin, sito da lungun da ya haɗa ɗakunan. Zagayen bangonsa na waje mita 44 ne. Bangayen ciki kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya a kan zane, ana yi wa kowanne alama da fensir domin kada a ƙirga shi sau biyu ko a tsallake shi, kuma a wannan zane jimillarsu mita 46 ce. Ke nan duk bangon gidan mita 90 ne, kuma kusan duk abin da zai biyo baya daga wannan adadi zai fito. Za a yi bangon waje da bulo inci tara, na ciki da inci shida, tsayin bango daga daɓe zuwa inda rufi zai hau mita 3.

Bulon da aka saba da shi a Najeriya tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, kaurinsa kuma 225 ga inci tara, 150 ga inci shida. Fuskar da take fitowa a bango iri ɗaya ce ga duka biyun, don haka yawansu a kowane murabba'in mita ɗaya ne. Idan aka raba murabba'in mita ɗaya da fuskar bulo, wato 0.45 sau 0.225, za a sami 9.9, kuma daga nan ne ƙa'idar nan ta bulo goma a kowane murabba'in mita ta samo asali.

Wannan ƙa'ida ba ta lissafa kwaɓin da yake shiga tsakanin bulo da bulo ba. Idan bulon cikakke ne kuma kaurin kwaɓin milimita 10 ne, abin da murabba'in mita zai ci bai wuce bulo 9.3 ba. Idan kuwa kaurin ya kai milimita 25, wanda shi ne abin da ido ya fi gani a yawancin gine-ginenmu, adadin zai sauko zuwa 8.4. Wato dai goman nan tana ɗauke da rara a cikinta tun kafin a ƙara komai. Sai dai akwai abin da yake cinye wannan rara, shi ne bulon gidajen buga bulo da yawa bai cika awo ba. Bulon da tsawonsa ya tsaya a milimita 430, tsayinsa 200, ko da an sa masa kwaɓi mai kauri, murabba'in mita zai ci kusan goma cif. Abin da ya dace shi ne mai gini ya je gidan bulon da zai saya da abin awonsa, ya auna guda biyar ko shida daga tuli daban-daban. Idan ya tarar sun cika, ya san cewa goma tana da sarari, ba ya buƙatar rara mai yawa a kanta. Idan sun gaza, goma ita ce ainihin adadin, rarar da zai ƙara kuma ita kaɗai ce garkuwarsa.

A harsashi ya fi sauƙi a ƙirga da layi. Bango mai mita 90 idan aka raba shi da 0.45 zai ba da bulo 200 a kowane layi. A fili mai shimfiɗa da ƙasa mai ƙarfi, layi huɗu daga kan kankaren harsashi zuwa matakin daɓe ya wadatar, wato bulo 800, kuma dukkansu inci tara ne, har da waɗanda suke ƙarƙashin bangayen ciki. Amma layi huɗun nan zato ne har sai an ga filin. Idan filin yana da gangare, ko yana ƙasa da titi ta yadda ruwan sama zai riƙa kwararowa cikinsa, kowane layin da aka ƙara bulo 200 ne, ga ƙarin ciko da zai biyo baya. A unguwannin da aka gina a kan tsohuwar fadama ko tsohon kududdufi, harsashi yakan ci layi shida ko bakwai, kuma a ƙasar laka mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, irin wadda ake samu a sassan Gombe, Adamawa da Borno, wannan tsarin harsashi gaba ɗayansa ba ya wadatarwa, dole injiniya ya tsara wani.

Daga daɓe zuwa sama, bangon waje mita 44 sau 3 ne, murabba'in mita 132. Daga ciki za a cire tagogi da ƙofofi. Akwai manyan tagogi takwas masu mita 1.2 da 1.2, ƙananan tagogin banɗaki uku masu 0.6 da 0.6, babbar ƙofa mai faɗin 1.2 da ƙofar baya mai 0.9, dukkansu tsayin 2.1, kuma jimillarsu murabba'in mita 17 ce. Sannan za a cire linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi, wadda a wannan gida za a zagaya da ita bisa dukkan bangaye da tsayin bulo ɗaya, ta ɗauke kusan murabba'in mita 10. Abin da ya saura 105 ne, wato bulo 1,050 inci tara. A ciki kuma mita 46 sau 3 ya ba da 138, ƙofofi tara sun ɗauke kusan 16, linta ta ɗauke 10, saura 112, wato bulo 1,120 inci shida.

Wasu maginan ba sa cire ƙofofi da tagogi, sai su ce wannan shi ne rarar fashewa. Dabara ce mai sauƙi, amma a wannan gida ƙofofi da tagogi da linta sun kai murabba'in mita 53, daidai da bulo 530, kuma babu aikin da aka kula da shi da zai fasa bulo 530. Mafi muni shi ne a ƙi cire su sannan kuma a ƙara kashi goma cikin ɗari a kai, ga rarar da take ɓoye cikin ƙa'idar goma, sai ya zama an sa rara sau uku a kan abu ɗaya.

Inci tara ya tashi 1,850 idan aka haɗa harsashi da bangon waje. Asararsa tana zuwa ne daga wurare sanannu: lodi da saukewa daga mota, musamman idan titin unguwar yana da gargada, sai yanka bulo a kusurwoyi da gefen tagogi, inda magini yake fasa bulo da bakin cokali domin ya sami rabi, ɗaya rabin kuma sau da yawa ya rududduge. Kashi biyar cikin ɗari ya isa ga bulo mai kyau, wanda zai kai adadin kusan 1,950. Inci shida ya fi saurin karyewa, kuma bangayen ciki gajeru ne masu yawan kusurwa da mahaɗa, don haka yanka ya fi yawa a cikinsu. Kashi bakwai ya fi dacewa da shi, wato 1,200. Jimillar bulon gidan 3,150 ke nan. Idan aka ɗaga bulo aka ga gefensa yana zubar da yashi a hannu, ko aka kankare shi da farce ya bi, ba a ba shi ruwa yadda ya kamata ba ko an tsawaita yashinsa, kuma maganin wannan shi ne sauya gidan bulo, ba ƙara rara ba, domin wanda bai fashe a hanya ba ma raunin yana nan tare da shi a cikin bango.

Wannan adadi na gidan ne kawai zuwa matakin rufi. Idan za a ɗaga bango ya ɓoye kwano, kamar yadda ake yawan yi a Kano da Kaduna yanzu, layi uku a zagayen mita 44 zai ci kusan bulo 300. Ramin masai da sokawe suna da nasu lissafin. Katanga kuwa ita ce take ba mutane mamaki, domin zagayen fili mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 91 ne, daidai da tsawon dukkan bangayen gidan, kuma idan aka haɗa harsashinta da tsayinta za ta nemi bulo wajen 2,700.

Siminti ya fi bulo wuyar lissafi, domin ba ƙirga shi ake yi a bango ba, narkewa yake yi cikin ayyuka shida ko bakwai, kowanne da irin haɗinsa. Buhu ɗaya kilo 50 ne, ko na Dangote ne ko na BUA ko na Ashaka, kuma girman abin da yake ciki kusan kubik mita 0.035 ne. A ma'aunin wurin aiki, buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, baro ɗaya kuma da aka cika daidai baki kwano huɗu ne. Don haka idan aka ce haɗin ɗaya da shida, ana nufin buhu ɗaya da kwano goma sha biyu na yashi, wato baro uku. Wani abu da ya kamata a riƙe shi ne kayan kankare suna raguwa idan aka kwaɓa su, saboda yashi yana shigewa tsakanin tsakuwa, siminti kuma yana shigewa tsakanin yashi. Kafin a sami kubik mita ɗaya na kankare sai an tanadi kusan 1.54 na busassun kaya. Daga nan ne ake samun cewa haɗin 1:2:4, wato kaso ɗaya na siminti, biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, yana cin buhu 6.3 a kowane kubik mita, 1:3:6 yana cin 4.4, 1:4:8 kuma 3.4.

Kankaren harsashi ana yi masa faɗin bulo uku da kaurin bulo ɗaya, wato milimita 675 da 225. A tsawon mita 90 wannan ya kusa kubik mita 14, kuma da haɗin 1:3:6 zai ci buhu 62. Bayan an jera bulon harsashi ana cika ramukansa da kankare mai sauƙi domin ya iya jure turin ciko da nauyin da zai hau kansa. Wannan aiki shi ne wanda aka fi mantawa da shi a takardar lissafi, alhali ramukan bulo 800 sun kai kubik mita 7, buhu 24 da haɗin 1:4:8. Daɓen kankaren da magina suke kira jaman fulo yana rufe murabba'in mita 120, kuma da kaurin milimita 100 zai zama kubik mita 12, buhu 76 da haɗin 1:2:4. Linta a kan dukkan bangaye kubik mita 3.8 ce, ginshiƙai takwas a kusurwoyi da manyan mahaɗai sun ƙara 1.6, su biyun tare buhu 34 da haɗin 1:2:4.

A jera bulo, ƙa'idar da magina suka saba da ita ita ce buhu ɗaya ya ɗora bulo inci tara kusan 50, inci shida kusan 70, da haɗin ɗaya da shida. Ana yin wannan lissafi ne a kan bulon da zai hau bango, ba a kan wanda aka saya har da rara ba, tunda fasasshen bulo ba ya cin kwaɓi. Bulo 1,850 zai ci buhu 37, bulo 1,120 zai ci 16, jimilla 53. Sai filasta. Bangon waje da na ciki, fuska biyu-biyu bayan an cire ƙofofi da tagogi, sun ba da murabba'in mita 474, kuma idan aka ƙara gefunan tagogi da ƙofofi da ɓangaren harsashin da ya fito sama da ƙasa za a kai 500. Da kaurin milimita 15 da haɗin ɗaya da huɗu, buhu ɗaya yana shafe kusan murabba'in mita 9, wato buhu 56. Idan aka tattara ayyukan shida, siminti ya tashi buhu 305, ban da na shimfiɗa tayil, wanda shi kaɗai zai iya neman wajen buhu 30.

A nan ne al'adar ƙara kashi goma a kan komai take ɓoye gaskiyar lamarin, domin asarar siminti ba ta rarrabu daidai a tsakanin ayyukan ba. Linta da ginshiƙai ana zuba su ne cikin katakon da kafinta ya haɗa, girmansu a ƙayyade yake, kuma muddin katakon bai buɗe ba, kashi biyar ya ishe su. Haka ma cika ramukan bulo. Ƙa'idar bulo 50 a buhu daga wurin aiki ta fito, ta riga ta haɗa da kwaɓin da yake faɗawa cikin ramin bulo da wanda yake zubewa ƙasa, don haka ita ma kashi biyar ya wadatar. Inda siminti yake ɓacewa da gaske wurare uku ne, kuma duka ukun wuraren da ƙasa ko bango ne suke ƙayyade kaurin aikin, ba katako ba.

Na farko ramin harsashi ne. Leburori ba sa haƙa rami da faɗin milimita 675 daidai, kuma a ƙasa mai yashi gefen ramin yana zaftarewa, kankare kuwa duk inda ya sami wuri sai ya cika shi. Idan faɗin ya zama 750, an ƙara kashi goma sha ɗaya ke nan, kusan buhu bakwai. Na biyu jaman fulo ne, wanda ya fi kowanne saurin cin buhu ba tare da an lura ba. Idan jan ƙasar da aka cika ba a daddanne ta ba, ko ba a daidaita samanta ba, har ta yi ƙasa da milimita 25 kacal a matsakaici, ƙarin kankaren da zai cike wannan gurbi a murabba'in mita 120 kubik mita 3 ne, buhu 19. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki inda aka tanadi buhu 80 domin daɓe, aka fara zubi da sassafe, kafin la'asar buhunan suka ƙare alhali ɗaki guda da rabin lungu suna nan ba a taɓa ba. Mai gidan ya fara zargin an karkatar da siminti. Da muka ja igiya daga bango zuwa bango a ɗakin da ya saura, muka sa abin awo daga igiyar zuwa kan cikon, sai muka ga a gefe milimita 100 ne, a tsakiya kuwa ya kai 140, saboda an watsa wa cikon ruwa da daddare ya zauna, ba wanda ya sake aunawa da safe. Jan wannan igiya a kowane ɗaki kafin a fasa buhun farko ba ya ɗaukar rabin sa'a, kuma cike kwarin da jan ƙasa ya fi cike shi da kankare araha nesa ba kusa ba.

Na uku filasta ne, wadda take biyan bashin duk kuskuren da aka yi wajen jera bulo. Bangon da ya karkata ko ya yi ciki, da filasta ake miƙar da shi. Idan matsakaicin kauri ya tashi daga milimita 15 zuwa 25, buhu 56 zai koma 93. Ga wanda yake zubowa ƙasa lokacin da ake watsa kwaɓi a bango, ga toshe hanyoyin da masu wayar lantarki da masu famfo suka sassaƙa. Ana iya gane abin da filasta za ta ci tun kafin a fara ta, ta hanyar ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a jikin bango a wurare da dama. Idan yatsa yana shigewa tsakanin sandar da bulo, lissafin milimita 15 ba zai tsaya ba.

Saboda haka rarar da ta dace ita ce kashi goma a kan harsashi da daɓe, buhu 14, kashi goma sha biyar a kan filasta, buhu 8, sai kashi biyar a kan sauran, buhu 6. Jimilla ta zama 333, a ce 335. Wanda ya ƙara kashi goma a dunƙule zai sami kusan wannan adadi, kuma za a iya cewa to mene ne amfanin wahalar. Amfaninta yana fitowa ne lokacin aiki: mai gidan da ya san cewa linta da ginshiƙai ba za su wuce buhu 36 ba, idan aka ce masa sun ci 50 ya san akwai abin tambaya, idan kuma filasta ta haura da buhu takwas ya san ba sata ba ce.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Da zafin bazara ko iskar hunturu kwaɓi yana bushewa da wuri, kuma leburan da suka kwaɓa buhu uku a lokaci ɗaya domin su huta, rabin kwaɓin zai fara ɗaurewa kafin magini ya kai gare shi. Abin da suke yi shi ne su ƙara ruwa su sake juyawa, wanda yake rage masa ƙarfi, ko kuma a bar shi ya sandare a ƙasa. Kwaɓin da ba za a gama da shi cikin sa'a guda ba bai kamata a haɗa shi ba.

Lissafin yashi yana bin na siminti ne kai tsaye: yawan buhu sau 0.035 sau rabon yashi a haɗin. Kankaren harsashi zai ci kubik mita 6.5, cika ramukan bulo 3.4, daɓe 5.3, linta da ginshiƙai 2.4, jera bulo kuma, wanda yake da kaso shida na yashi, 11.1. Waɗannan duka yashi mai kaushi ne, irin na kogi, jimillarsa kusan kubik mita 29. Filasta tana son yashi mai laushi, kuma za ta ci kusan 8. Tsakuwa ba ta cikin abin da muka sa gaba, amma tunda a duk haɗin kankaren nan ninkin yashi ce, za ta kai kubik mita 35.

Rarar yashi ta fi ta sauran kaya girma, kashi ashirin cikin ɗari, kuma dalilanta biyu ne. Yashi mai danshi yana kumbura, domin ruwan da ya lulluɓe ƙwayoyinsa yana hana su matsuwa, har girmansa ya ƙaru da kashi ashirin zuwa talatin. Tifar da aka loda daga bakin kogi tana iya zuwa a cike, bayan kwana biyu a rana tulin ya zauna. Wannan kumburi yana shafar awo ma, saboda baro uku na jiƙaƙƙen yashi bai kai baro uku na busasshe ba. Dalili na biyu shi ne ƙasan tulin yana cakuɗewa da turɓaya, ruwan sama yana janye wani, yara suna wasa a kai, maƙwabci kuma yana ɗibar kwano biyu domin gyaran dokin ƙofa. Yashin filasta kuma sai an tankaɗe shi, abin da ya tsaya a raga asara ne. Da wannan rara, yashi mai kaushi ya zama kubik mita 35, mai laushi 10.

Akwai asarar da take fakewa cikin ingancin yashin kansa. Yashin da yake da laka da yawa yana sa magini ya ƙara siminti domin kwaɓin ya kama, filastar da aka yi da shi kuma tana tsattsagewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba yashi cikin kwalba mai haske zuwa tsayin santimita goma, a ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye na wasu sa'o'i. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a samansa, kuma idan kaurin lakar ya doshi santimita ɗaya, wannan yashi bai dace da kankare ba.

Mayar da kubik mita zuwa tifa shi ne mataki na ƙarshe, kuma a nan ake yawan samun saɓani, domin kalmar tifa ba ma'auni ba ce. Kubik mita ɗaya na yashi yana da nauyin kusan tan 1.6, don haka motar da take ɗaukar tan 20 tana kawo kusan kubik mita 12, mai tan 10 kuma kusan 6. A lissafinmu, yashi mai kaushi babbar tifa uku ne, mai laushi ɗaya. Hanyar tabbatarwa ita ce a auna akwatin motar kafin ta juye: tsawo sau faɗi sau zurfin da yashin ya kai, ba zurfin akwatin ba. Akwati mai mita 4.5 da 2.3 da aka cika zuwa 1.2 yana ɗauke da 12.4, amma idan yashin ya tsaya a mita ɗaya, 10.4 ne, kuma a tifa uku wannan gibi ya kai rabin tifa.

Sanin jimillar ba ya nufin a saye ta a rana ɗaya. Siminti yana shan danshin iska ko da buhun a rufe yake, kuma wanda ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, balle da damina a ɗakin da ba a yi wa daɓe ba. Idan aka matsa dunƙulen da ya yi a cikin buhu da yatsa bai farfashe ba, wannan buhu ya tashi daga aiki. Don haka ya fi kyau a raba sayen bisa matakan aikin: kusan buhu 110 na harsashi da jera bulonsa da cika ramukansa, 84 na daɓe, kusan 75 na ɗaga bango da linta, sai 64 na filasta idan lokacinta ya zo, a riƙa jera su a kan katako nesa da jikin bango, kada tsayin ya wuce buhu goma. Bulo inci shida ba shi da aiki sai an gama daɓe, kuma duk ɗagawar da aka yi masa daga wuri zuwa wuri tana ƙara yawan fasassu. Yashi ne kaɗai yake da riba a tara shi da wuri, kafin koguna su kawo ruwa tifofi su kasa shiga farashi ya tashi, da sharaɗin a juye shi a kan daɓaɓɓen wuri ko shimfiɗar leda, a kuma kewaye tulin da layi ɗaya na bulo.